Yadda Ake Tura Kuɗi da Ƙaramar Waya ta Hanyar USSD, da Iyakar Tsaronta

USSD hanya ce da waya ke magana kai tsaye da na'urar kamfanin layi ta wasu lambobi da ke farawa da alamar * kuma su ƙare da #. Ba ta bukatar data, shi ya sa ƙaramar waya mai madannai take iya yin ta. Kowane banki yana da tasa lambar, wadda ya kamata a karɓa daga bankin da kansa, ba daga saƙon da wani ya turo ba.

Matakin farko shi ne rajista, kuma dole ne a yi ta da layin da banki ya sani, wato wanda alat ke shigowa ta kansa. Za ka danna lambar bankin, ka shigar da lambar asusunka, sau da yawa a nemi wasu lambobi na katin cirar kuɗinka, sannan ka ƙirƙiri lambar sirri. Kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, domin su ne ɓarawo ke fara gwadawa.

A ce za ka tura 5000 zuwa wani asusu. Ka rubuta lambar asusun a takarda tun kafin ka fara, saboda hanyar tana yankewa idan ka yi jinkirin ba da amsa. Ka danna lambar bankin, ka zaɓi tura kuɗi, ka shigar da adadi, lambar asusu da bankin mai karɓa. A nan allo zai nuna sunan mai asusun, kuma wannan ne wurin da ya fi cancantar ka dakata ka karanta da kyau, domin da zarar ka sa lambar sirri kuɗin sun fita, dawo da su kuwa sai an bi ta banki, wani lokaci ma sai da yardar wanda suka faɗa wa. Idan sabis ya yanke bayan ka sa lambar sirri, kada ka maimaita nan take. Ka fara duba abin da ya rage a asusunka, tunda sau da yawa kuɗin sun riga sun tafi, alat ne kawai ya makara, kuma ta haka ne mutane ke biya sau biyu.

Dukkan tsaron wannan hanya ya rataya ne a kan abu biyu: layinka da lambar sirrinka. Banki ba ya ganin fuskarka, layi kawai yake gani. Saƙon USSD ba a kulle yake ba tun daga wayarka har zuwa banki kamar yadda manhajar banki ke yi, kuma a wayoyi da dama lambar sirrin tana fitowa ƙuru-ƙuru a allo yayin da kake rubuta ta, har na kusa da kai ya karanta. Wannan ne dalilin da bankuna ke ƙayyade abin da za a iya turawa a rana, kuma a ganina manyan kuɗi ba wurinsu ba ne nan.

Kulle waya bai isa ba, domin wanda ya sace ta zai cire layin ya sa a wata wayar. Maganin shi ne kulle layin da kansa. Ka shiga saitin tsaro na wayar ka kunna neman PIN na layi, sannan ka sauya wanda layin ya zo da shi, ko dai ta saitin ko da wannan tsari:

```
**04*tsohon PIN*sabon PIN*sabon PIN#
```

Idan aka yi kuskure sau 3 layin zai rufe, sai da PUK mai lambobi 8 da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Kuskuren PUK sau 10 kuwa yana kashe layin gaba ɗaya, don haka ka adana katin nan, kada ka yi ta canki-canki.

Akwai haɗarin da kulle layi ba ya magancewa, wato wani ya yaudari kamfanin layi a ba shi sabon kati da lambarka. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke a wayarka kaɗai alhali na kusa da kai masu irin layin suna da shi, kuma kashe wayar da kunna ta bai dawo da shi ba. Idan hakan ta faru, ko wayar ta ɓace, ka fara kiran banki da wayar wani a rufe USSD na asusun, bayan haka ka nemi kamfanin layi su toshe lambar. Bankuna da yawa suna da lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga kowace waya, sai ka tambayi ta bankinka ka rubuta ta a wurin da ba cikin wayar ba.