Yadda Ake Haɗa Tunatarwar da Ke Sauya wa Aikin da Ya Makara Lokaci da Kanta

Wasu manhajojin tunatarwa abu ɗaya suke yi idan lokacin aiki ya wuce ba a yi shi ba: su sake bugawa gobe a daidai wannan sa'ar. Idan ƙarfe huɗu na yamma ba ta yi maka ba yau, da wuya ta yi maka gobe. Tsarin da za mu haɗa yana duba lokutan da ka saba kammala irin wannan aikin, ya mayar da shi can. Teburin Excel ko Google Sheets ya isa, ɗan rubutun Python kuma zai iya yin lissafin kowane dare.

Fara da abin da za a riƙa rubutawa, domin a nan aka fi yin kuskure. Mutane sukan ajiye ayyukan da suka gama kawai. Wannan ba zai gaya maka komai ba: gama aiki sau takwas da safe ba abin kirki ba ne idan sau arba'in aka tunatar da kai. Saboda haka duk tunatarwar da ta buga sai ta samu layinta, an yi aikin ko ba a yi ba. Bayanai huɗu ake buƙata a kowane layi: kwanan wata, nau'in aikin, gurbin lokacin da ta buga, da sakamako, 1 idan an yi, 0 idan ba a yi ba. Ana ba da 1 ne kawai idan an fara aikin cikin minti 90 bayan bugawar. Wanda aka tunatar da shi ƙarfe tara na safe ya yi aikin ƙarfe bakwai na dare, gurbin safe 0 zai samu, sai a ƙara layi mai 1 ga gurbin dare.

Sannan ka raba yini gida biyar, sa'o'i uku-uku, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, ka kira su g1 zuwa g5. Kada ka rubuta sunan gurbi kamar 09-12, domin tebur yakan ɗauke shi a matsayin kwanan wata, lissafi ya rikice ba tare da ka sani ba. Nau'o'in aiki ma kada su wuce huɗu ko biyar, misali kiran waya, takardu, karatu, aikin gida. Idan ka raba yini sa'a-sa'a, kuma kowane aiki da nau'insa, za ka yi watanni kowane gurbi layi ɗaya ko biyu gare shi.

Yanzu maki. Abin da ya fi zuwa a rai shi ne a raba yawan nasara da yawan bugawa. Illar haka ita ce gurbin da aka gwada sau ɗaya aka dace zai samu ɗari bisa ɗari, ya doke wanda aka yi nasara sau takwas cikin goma. Maganin tsoho ne, daga masanin lissafi Laplace: a ƙara 1 a sama, a ƙara 2 a ƙasa. Idan a teburin nau'i yana ginshiƙin B, gurbi yana C, sakamako yana D:

```
=(COUNTIFS(B:B,"takardu",C:C,"g2",D:D,1)+1)/(COUNTIFS(B:B,"takardu",C:C,"g2")+2)
```

Gurbin da ba a taɓa gwadawa ba zai fara da 0.5, wato yana gaban duk gurbin da ya sha faɗuwa, kuma haka ne yake sa tsarin ya gwada sabbin lokuta. Ka riƙa lissafi da layukan makonni shida na ƙarshe kawai, saboda idan lokacin tashinka daga aiki ya canza, tsofaffin layuka za su ci gaba da tura ka lokacin da ba naka ba ne kuma.

Ga misali. Akwai fom da zai ci minti 40, nau'in takardu, ya buga ranar Litinin ƙarfe 4 na yamma ba a cike shi ba, wa'adinsa Juma'a. Tebur ya nuna g1 an yi sau 2 cikin 9, maki 0.27. A g2, wato 9 zuwa 12, sau 8 cikin 10, maki 0.75. A g3 sau 1 cikin 1, maki 0.67. A g4, inda aikin yake yanzu, sau 3 cikin 12, maki 0.29. Ba a taɓa gwada g5 ba, 0.5. Ka ga tun farko g4 ba wurin zaman aikin ba ne.

Maki kaɗai bai isa ba, domin zai iya jefa aikin mako mai zuwa yana jiran gurbi mai kyau. Don haka ake cire 0.05 a kan kowace rana ta jinkiri. Ana kuma sa wa gurbi iyaka: kada ayyukan cikinsa su wuce minti 120 cikin 180, ragowar na abin da zai taso ne. A misalinmu g2 na Talata yana da minti 100 tuni, 40 ba za su shiga ba. Saura g3 na Talata mai 0.62 da g2 na Laraba mai 0.65. Laraba ta ci, da tazara kaɗan. Da wa'adin Laraba ne, da Talata kawai za a duba, domin ƙa'idar ita ce a bar aƙalla yini ɗaya kafin wa'adi.

Sau ɗaya a rana ake gudanar da sauyin, da dare, a fara da aikin da wa'adinsa ya fi kusa don ya riga zaɓar gurbi. A Linux wannan layin na cron, wato manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara mata, zai yi, ƙarfe 9:30 na dare:

```
30 21 * * * python3 /home/user/sauya.py
```

Ka sa rubutun ya ajiye ranar da ya sauya kowane aiki, ya tsallake wanda ya riga ya taɓa a ranar. In ba haka ba, duk lokacin da aka gudanar da shi sau biyu sai ya rubuta 0 sau biyu, ya ɓata wa gurbi maki a banza. Alƙawarin da aka tsayar da wani, ko shan magani, a sa musu alamar cewa ba a motsa su.

Abin da ya fi lalata tsarin nan shi ne danna alamar kammalawa a makare. Mutum ya yi ayyukansa da rana, sai ya zauna da dare ya danna su duka a tare. Bayan makonni biyu g5 ya zama zakara a kowane nau'i, komai yana komawa dare. Alamarsa a fili take: layuka huɗu ko biyar da aka rufe cikin minti ɗaya. Ka sa rubutun ya cire irin waɗannan daga lissafi, ko ya tambayi ainihin lokacin da aka yi aikin.

Akwai kuma aikin da ba lokaci ne matsalarsa ba. Idan an sauya masa gurbi sau uku bai yiwu ba, tsarin ya daina motsa shi, ya saka shi a jerin da za ka duba da kanka. Galibi ko ya yi girma ne yana buƙatar a gutsuttsura shi, ko yana jiran wani abu daga hannun wani. Sifilan da ya tara bayan na farko a goge su, don kada aiki ɗaya mai taurin kai ya jawo makin g2 ƙasa ga sauran takardun da ake gamawa lafiya a wannan lokacin.