Shawara ga duk wanda ake zalunta a wajen aiki a Kumasi

Sayi ƙaramin littafi mai ɗinki, ba mai zare takarda ba. Duk ranar da aka ci mutuncinka ko aka riƙe albashinka, rubuta kafin ka kwanta: kwanan wata, ƙarfe nawa, ina, wa ya gani, da ainihin kalmomin da aka faɗa. "Ya zage ni" bai isa ba.

Ka ɗauki hoton shafin ka tura wa ɗan'uwa a WhatsApp. Kwanan watan saƙon shi ne shaidar cewa ba jiya ka zauna ka tsara ba, abin da za a fara zarginka da shi ke nan in ka kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, ko ofishin leba.

Inda shaidar take rushewa: ka cike shafukan wata uku a dare ɗaya, ko ka ƙara gishiri. Ƙarya ɗaya tana ɓata sauran. Kada ka bar littafin a wajen aikin.