Darasi na Tara: Tambayar da Ta Zo da Giɓi

A darussan da suka gabata mun koyi tarawa da ɗebewa da ninkawa, kuma duk tambayar da muka yi aiki a kanta ta zo da lambobinta cif. A kasuwa ba haka abin yake zuwa ba. Sau da yawa mutum zai kawo maka lissafinsa, ya faɗi wannan ya faɗi wancan, amma lamba ɗaya ta maƙale a ransa bai furta ba, domin shi ya san ta, yana ganin kowa ma ya sani. Wannan darasi a kan irin wannan tambaya yake, da yadda malami ko malama za su nemi lambar da ta ɓace.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, a ajinmu na mata da ke Gangare a nan Jos, Inna Asabe ta ɗaga hannu tun ban gama goge allo ba. Dankalin Turawa take sarowa a kasuwar Farin Gada, ta kasa a ƙofar gida. Ta ce, "Malama, yau nawa lissafin za ki yi mana. Na sayar da buhu guda tas, amma na rasa gane ko na ci riba ko na faɗi."

Na ce ta faɗa a hankali, ni kuma ina rubutawa. Ga abin da ya hau allo:

Inna Asabe ta sari buhun dankali a kan naira 48,000. Ta biya ɗan dako naira 1,000, ta biya mai keke naira 2,000 ya kawo mata gida. Tana sayar da kowace roba naira 4,500. Nawa ne ribarta?

Kafin ku ci gaba da karatu, ku dakata ku gwada da kanku.

A ranar, masu saurin hannu biyu ne suka riga kowa. Ta farko ta tara duk lambobin da ta gani a allo, ta sami 55,500. Ta biyu ta ɗebe 4,500 daga 48,000, ta sami 43,500. Dukansu ba su yi kuskure a tarawa ko ɗebewa ba, hannunsu ya faɗa sarai. Inda aka sami matsala shi ne sun fara aiki da lambobi tun ba su tambayi kansu abin da ake nema ba. Inna Asabe kuwa da ta ji 43,500 sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wace ni da wannan riba a buhu ɗaya?" Wannan ita ce alama ta farko da ake gane an kauce hanya: amsa ta fito, amma mai sana'ar ta ji ta san ba zai yiwu ba.

Hanyar da nake koyarwa ita ce a fara daga ƙarshen tambaya, a dawo baya. Me ake nema? Riba. Yaya ake samun riba? A ɗauki kuɗin da aka yi ciniki gaba ɗaya, a ɗebe abin da aka kashe. Ke nan abu biyu muke buƙata. Sai na zana layi a tsakiyar allo, na rubuta "abin da aka kashe" a hagu, "ciniki" a dama.

Ɓangaren hagu bai ba mu wahala ba:

48,000 + 1,000 + 2,000 = 51,000

Da muka koma dama, muka rubuta 4,500, muka sa alamar sau, sai alli ya tsaya. Sau nawa? Kuɗin roba ɗaya muka sani. Yawan robobin ba a faɗa ba. A nan sai na zana akwati babu komai a ciki:

4,500 × □ = ciniki

Ina so ku riƙe wannan akwati da kyau. Duk lokacin da kuka zo wurin da lamba ya kamata ta zauna kuma babu ita, kada ku tsallake, kada kuma ku jawo wata lamba daga gefe ku cusa. Ku zana akwati, ku rubuta sunan abin da ya kamata ya shiga ciki. Namu sunansa "yawan robobi".

Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ai ke kin san kasuwa, ki sa goma kawai mu wuce." Na ƙi, kuma na nuna musu dalili a allo, domin wannan shi ne zuciyar darasin. Idan robobi 10 ne, ciniki ya kama 45,000, Inna ta faɗi da naira 6,000. Idan 12 ne, ciniki 54,000, ta ci ribar 3,000. Idan 14 ne, ciniki 63,000, riba 12,000. Buhu ɗaya ne, farashi ɗaya ne, amma abin da ke cikin akwati shi zai nuna ko ta faɗi ko ta samu. Da na cika akwatin da ka, da na sallami baiwar Allah da labarin asarar da wataƙila ba ta yi ba, har ta fasa saro wani buhun. Kuɗin cefanen gidanta ne muke lissafawa, ba abin da za a yi wa cinta ba ne.

Mai lambar tana zaune a gabanmu, don haka ita za a tambaya. Sai dai tambayar ma tana da yadda ake yin ta, kuma wannan sashe na malamai ne musamman, ko da yake ɗalibai ma za su amfana.

Ba a cewa babba, "Tambayarki ba daidai ba ce." Matar da ta haifi 'ya'ya ta aurar, ta cire kunya ta zo ta zauna a benci tana koyon rubutu, idan ta ji haka a gaban aji ba lalle ta sake ɗaga hannu ba. Kuma maganar ma ba gaskiya ba ce, tambayarta daidai take, abu ɗaya ne ya rage. Haka nan ba a cewa, "Ƙaro bayani," domin ba za ta san wanne ake so ba, sai ta shiga ba ki labarin yadda farashi ya tashi da yadda ruwa ya dake ta a hanya. Abin da ya dace shi ne ki fara nuna mata abin da maganarta ta riga ta samar, sannan ki ambaci abu guda da ya rage, da sunansa da ma'auninsa, ki kuma faɗi amfanin da za a yi da shi. Ga yadda na ce:

"Inna, da abin da kika faɗa mun gano kin kashe naira 51,000. Saura abu ɗaya mu gane riba. Robobi nawa kika samu a buhun? Da shi za mu ninka 4,500."

Ta ɗan yi shiru tana taɓa gaɓoɓin yatsunta da babban yatsa, sannan ta ce, "Sha uku."

Har na kai alli kan akwatin, sai na tsaya, domin na lura tambayata ba ta sauka daidai inda ake so ba. Na tambayi abin da ta samu a buhu, alhali ciniki ba ya zuwa sai daga abin da aka sayar. Duk mai kasa dankali ta san buhu ba ya fita lafiya lau: akwai wanda fartanya ta sare tun a gona, akwai wanda ya fara ruɓa a ƙasan buhu, ga gyara da ake jefa wa mai saye. Sai na sake tambaya:

"Inna, sha ukun nan duk an saya an ba ki kuɗi?"

Ta ce, "A'a, 'yata. Ɗaya ai tsince ce, masu tabo da ƙanana. Ita muka dafa a gida."

To lambar da akwati yake jira 12 ce, ba 13 ba.

4,500 × 12 = 54,000

54,000 − 51,000 = 3,000

Ribarta naira 3,000 ce, da robar dankali ɗaya da ta shiga tukunya. Da mun tafi da 13, da mun ce mata 7,500, ta koma gida ta kwance bakin zane ta ƙirga ta ga babu naira 4,500, ta fara zargin yaran da suka tsare mata tire. Saboda haka idan an ba ku lambar da kuka nema, ku maimaita ta da babbar murya tare da sunanta kafin ku rubuta: "Robobi 12 da aka sayar." Idan akwai gyara, a nan mai ita za ta gyara.

Akwai wani abu da ke ruɗa sababbin ɗalibai bayan sun koyi wannan: sai su riƙa ganin giɓi ko'ina. Ba kowace lambar da ba a rubuta ba ce ta ɓace. Wata tana ɓoye ne a cikin kalma. Idan aka ce kiret ɗin ƙwai, an faɗi 30. Idan aka ce dozin, an faɗi 12. Mako kwana 7 ne a Jos da ko'ina. Waɗannan ba a tambaya, fito da su ake yi. Amma buhu da kwando da roba ba su da adadi tsayayye. Buhu wani ya fi wani cika, robar wannan ta fi ta waccan zurfi, wata tana tozo wata tana shafewa. In ma'aunin yana sauyawa daga hannu zuwa hannu, dole a tambayi mai shi.

Idan kuma tambayar a takarda ta zo, babu wanda za a tambaya, kada ku bar wurin fili. Ku yi duk abin da zai yiwu, ku rubuta: "An kashe naira 51,000. Ba za a iya sanin riba ba sai an faɗi yawan robobin da aka sayar." Wannan cikakkiyar amsa ce, kuma duk ɗalibar da ta rubuta mini haka maki cikakke take samu.

Aiki

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ta karanta, ɗaya ta zana akwati ta yi tambaya da baki, da irin lafazin da za ta yi wa yayarta. A cikin tambayoyin nan uku akwai ɗaya da babu abin da ya ɓace a cikinta, ku gano ta ku warware.

Malam Garba tela ya sayi yadi a Taminus, kowane yadi naira 3,500. Ya ba mai shago naira 20,000. Nawa ne canjinsa?

Ladi ta sari kiret 2 na ƙwai a kan naira 10,000. Ta dafa ta sayar da su duka, kowane ɗaya naira 200. Nawa ta ci riba?

Mata suna adashe a Unguwar Rogo, kowace tana zuba naira 2,000 duk ranar Juma'a. Nawa mai kwasa za ta ɗauka wannan makon?

Gobe kowace ta zo da lissafi ɗaya daga sana'arta, ta ɓoye lamba guda da gangan, ta karanta wa aji.