Babi na 7: Shafi ya buɗe da kwaɗo, amma gurbin farashi fayau

Wani ɗan ajinmu na yamma yana yi wa ƙungiyar 'yan hatsi a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe, aikin shafin intanet. Shafin ba wani babba ba ne. Yana nuna farashin buhun masara, gero da wake na ranar, don dillalan Kumo da Dukku su duba a waya kafin su ɗora kaya a mota. Shafin yana zaune a wuri ɗaya, farashin kuma yana fitowa daga wata kwamfuta daban da ake kira sabar. Duk lokacin da mutum ya buɗe shafin, burauzar wayarsa ce ke aika tambaya ga sabar ta karɓo lissafin. Ƙofar da ake bi a yi wannan tambaya ita ce ake rubutawa API.

Wata Asabar sai ya mayar da shafin kan https, don ya gaji da ganin rubutun Not secure a gefen adireshin. Washegari shafin ya buɗe lafiya, suna da hotuna duk suna nan, amma gurbin farashi fayau. Ya zo aji ya ce, "Malam, sabar ta mutu." Na ce ya kwafi adireshin farashin ya buɗe shi shi kaɗai a burauza. Nan take lambobi suka fito. Sabar tana nan da ranta.

Ga layin da ke cikin shafinsa, wanda ke aika tambayar farashi da umarnin `fetch`:

```
fetch("http://api.example.com/farashi")
```

Shafin kuwa adireshinsa `https://www.example.com`. Ku dubi farkon adireshin biyu da kyau. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma shi ne duk rigimar.

Abin da harafin yake nufi

Saƙon da ya bi ta http kamar takarda ce da ka ba direba a tasha ba tare da ambulan ba. Duk wanda ta bi ta hannunsa zai iya karantawa, zai kuma iya goge lamba ya rubuta wata. A intanet waɗannan hannaye su ne waifai ɗin shagon da ka zauna, na'urorin kamfanin sadarwa, da duk wata na'ura da ke kan hanya. Shi kuwa https yana kulle saƙon yadda na kan hanya ba zai karanta ko ya sauya shi ba, kuma sabar tana nuna satifiket da ke tabbatar da cewa ita ce mai wannan sunan.

To shafin ɗan ajinmu ya zo a kulle, amma yana son ya aiko da farashi a buɗe. Wannan haɗin shi ne burauza ke kira Mixed Content, wato cakuɗen abu mai tsaro da marar tsaro a shafi ɗaya. Dillalin da ke Kumo ya ga https, ya yarda cewa abin da ke gabansa daga ƙungiya ya fito. Idan wani a kan hanya ya taɓa lambar, dillalin zai loda mota a kan farashin ƙarya, kuma babu wata alama da za ta nuna masa. Shi ya sa burauza ta gwammace ta bar gurbin fayau da ta cika shi da abin da ba za ta iya tsaya masa ba. A ganina ta yi daidai, ko da yake ranar da abin ya same ka ba za ka gode mata ba.

Za ku ce ai hotunan sun fito. Burauzoji na yanzu suna sassauta wa hoto da sauti da bidiyo: idan suka ga adireshinsu da http, sai su gwada ɗauko su ta https da kansu. Amma tambayar da `fetch` ya aika, da kuma fayilolin umarni masu iya juya shafi duka, waɗannan toshe su ake yi kai tsaye.

Yadda za ka gane ita ce

A kwamfuta, buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga Console. Za ka ga jan rubutu da ya fara kamar haka:

```
Mixed Content: The page at 'https://www.example.com/' was loaded over HTTPS, but requested an insecure resource 'http://api.example.com/farashi'.
```

A ƙarshensa zai ce This request has been blocked. Sau da yawa akwai wani layin a ƙasa, `TypeError: Failed to fetch`, kuma shi ne ke ruɗa mutane, don irinsa ake gani idan data ta ƙare ko sabar ta faɗi. Kada ka tsaya a kansa, ka karanta na samansa. Alama ta biyu ta fi ƙarfi: je ka duba rajistar da sabar ke ajiyewa ta duk wanda ya tuntuɓe ta. Ba za ka ga tambayar ba sam. Ba ta fita daga wayar ba, a bakin ƙofa aka tare ta.

Ku riƙe wannan jimla ta ƙarshe, domin ita ce za ta hana ku ɓata kwana biyu kamar yadda ɗan ajinmu ya ɓata.

Abu na farko da ya gwada shi ne ya saita sabar ta riƙa juya duk mai zuwa ta http zuwa https. Dabara ce mai kyau ga baƙon da ya rubuta adireshi da hannu. A nan ba ta yi komai ba, domin sai tambaya ta iso sabar kafin sabar ta ce "koma can". Ita kuwa tambayar ba ta taso ba.

Ya kuma yi ta mamaki cewa a kwamfutarsa ta gida komai na aiki. Dalili shi ne a gida yana kiran `http://localhost`, kuma Chrome da Firefox suna ɗaukar wannan adireshi a matsayin amintacce tunda saƙon ba ya barin na'urar. Haka ma umarnin `curl`, wanda ake tambayar sabar da shi ba tare da burauza ba, zai kawo farashin lafiya, don wannan doka ta burauza ce, ba ta shafe shi ba.

Inda HSTS ya shigo

Sai wani abokinsa ya ce ya sa HSTS, ai shi ke mayar da http zuwa https. Maganar da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. HSTS ƙa'ida ce da aka fitar a 2012 a takardar RFC 6797. Sabar ce ke saka layi ɗaya a kan amsarta:

```
Strict-Transport-Security: max-age=31536000; includeSubDomains
```

Ma'anarsa: daga yau har tsawon daƙiƙa 31536000, wato kwana 365, kada ki sake zuwa wurina ta http. Burauza sai ta rubuta wannan ta ajiye. Gobe idan mutum ya rubuta adireshin da http, ita da kanta za ta gyara shi kafin komai ya fita, kuma a sashen Network na Chrome za ka ga `307 Internal Redirect`. Amma ba ta karɓar wannan umarni sai ya zo ta https mai ingantaccen satifiket. In ya zo ta http watsi take yi da shi, don kowa a hanya zai iya ƙirƙirarsa. Kuma ba ya aiki a kan adireshin lambobi irin `192.168.1.10`, sai mai suna.

Me ya hana shi ceton shafin farashi? Jerin aiki ne. A ƙa'idar da burauza ke bi, tana fara duba ko tambaya cakuɗe ce, daga baya ta duba littafinta na HSTS. Adireshin da aka rubuta da http a cikin shafi mai https ya faɗi tun a shingen farko, bai kai na biyu ba. HSTS yana kare mai shigowa gida daga titi. Bai zama uzuri ga mai shafi ya bar adireshi marar tsaro a cikin aikinsa ba.

Kuma yana da cizo. Ɗan ajinmu ya kwafi wancan layin dukansa ya sa a kan `example.com`, alhali `api.example.com` ba ta da satifiket nata. Kalmar `includeSubDomains` ta haɗa duk ƙananan sunaye da ke ƙarƙashin babban. Daga ranar, a duk burauzar da ta karɓi umarnin, ko buɗe adireshin farashin kai tsaye ya daina yiwuwa. A da, in satifiket ya samu matsala, burauza kan ba ka zaɓin wucewa a kan alhakinka. Da HSTS wannan zaɓi babu shi. Cire layin daga sabar ma ba ya goge abin da wayoyin mutane suka riga suka ajiye. Sai dai ka aika `max-age=0` ta https, kuma sai wayar ta sake ziyartar sunan kafin ta manta. A taka kwamfutar kana iya gogewa a `chrome://net-internals/#hsts`, amma ba za ka bi dillalai gida gida ba.

Gyaran, bi da bi

Da farko ya samo wa `api.example.com` satifiket. Na Let's Encrypt, wata cibiya mai ba da satifiket, kyauta ne, amma gajeren wa'adi gare shi, an saba da kwana 90, don haka a saita sabuntawa ta riƙa faruwa da kanta. Ya tabbatar ƙofa mai lamba 443, wadda https ke bi, a buɗe take a sabar, domin http ta 80 yake bi. Sannan ya gwada:

```
curl -I https://api.example.com/farashi
```

Da amsa ta zo da 200 ba tare da ƙorafin satifiket ba, sai ya koma cikin shafi ya ƙara harafin nan ɗaya, adireshin ya zama `https://api.example.com/farashi`. Ya nemi `http://` a duk fayilolinsa, ya samu wasu biyu da ya manta da su. Farashi ya dawo.

Idan tsofaffin adireshi sun yi yawa, akwai layin da shafi zai iya aikawa, `Content-Security-Policy: upgrade-insecure-requests`. Shi ana aiki da shi kafin shingen cakuɗe, saboda haka yana ɗaga tambayoyin zuwa https. Amma idan sabar ba ta amsa https, tambayar za ta faɗi, ba za ta koma http ba.

HSTS shi ne na ƙarshe, kuma da kaɗan ake farawa. Na sa shi ya mayar da shi `max-age=300`, minti biyar ke nan, har sai ya ga kowane ƙaramin suna yana buɗewa lafiya, sannan ya ƙara zuwa mako, daga nan shekara.

Wata hajiya mai sayar da atamfa a ajin ta ce, "Malam, ni da ba na gina shafi fa, in na ga gurbi fayau me zan yi?" Na ce, "Hajiya, ki sanar da mai shafin. In wani ya ce ki shiga saitin burauza ki kunna Insecure content, kada ki yarda, musamman a shafin da kuɗi ke ciki. Gyaran yana hannun mai shafi."

Aikin gida

Shafi yana kan `https://www.example.com`. Rubuta a littafinka wanne daga cikin waɗannan `fetch` zai iya kira, wanne za a toshe, da dalili: `https://api.example.com/gero`, da `http://api.example.com/gero` bayan an sa wa sunan HSTS, da `http://192.168.1.10/gero`. Sannan ka lissafa daƙiƙa nawa za ka rubuta a `max-age` idan mako ɗaya kake so.