Kafin ku yi rajistar kasuwancin haɗin gwiwa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan ku biyu ne za ku haɗa jari, don Allah kada arhar rajista ta ja ku zuwa "sunan kasuwanci" ba ku duba maganar bashi ba.

A Najeriya, rajistar sunan kasuwanci, ta mutum ɗaya ce ko ta haɗin gwiwa, ba ta raba ka da kasuwancin. A idon doka, kai ne shagon. A ce kai da abokinka kuna sayar da taki, ya karɓo kayan naira miliyan biyar bashi da sunan shagon, kasuwa ta faɗi, shi kuma ba shi da ko sisi. Mai kaya zai iya binka kuɗin gaba ɗaya, ba rabi ba, har a kai ga motarka ko filinka. Wannan ne ke raba zumunci, wallahi.

Kamfani mai Ltd kuwa zaman kansa yake yi, bashinsa nasa ne. Abin da za ka rasa shi ne kuɗin hannun jarinka, sai fa idan ka sa hannu ka tsaya wa kamfanin da kanka, abin da bankuna kan nema. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya buɗe ƙaramin kamfani. Amma akwai ɗawainiya: rajista ta fi tsada, ga rubuta lissafi, kuma asusun kamfani ba aljihunka ba ne.

Mai ɗinki ko mai kanti shi kaɗai, wanda ba ya ɗaukar babban bashi, sunan kasuwanci ya ishe shi.