Yadda ake tace rubutun bidiyon talla kafin a ɗauka

Da farko, bi rubutun layi-layi, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba naka ba: waƙa, hoto, ko guntun fim. Nemi izinin mai shi a rubuce. Ambaton sunansa kawai ba izini ba ne, nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. In izini bai samu ba, cire shi.

Sannan ka koma kan alkawuran da rubutun ya ɗauka. A ce tallar sabulu ce, an rubuta "yana kawar da ƙuraje cikin kwana 3". Ina gwajin da ya tabbatar? In babu, mayar da shi "yana wanke maiƙon fuska". Haka kalmar "kyauta": in sai an sayi biyu ake ba da ɗaya, faɗi hakan a jimlar kanta.