Darasi na Tara: Biyan wata-wata, nawa ne darajarsa a yau?

Wani tela a unguwar Birni yana son keken ɗinki. Mai shago a kusa da kasuwar Dole ya ce masa ya ɗauka yau, ya riƙa kawo jikka goma, wato sefa 10 000, ƙarshen kowane wata. Kafin tela ya ce to, akwai abin da ya kamata ya sani: waɗannan jikkunan da zai riƙa kawowa, in an tattara su aka mai da su kuɗin hannu na yau, nawa suke? In ya san wannan, sai ya gwada da farashin keken na kuɗi hannu, ya ga ko cinikin ya yi.

Ma'aikatan banki suna da ƙa'ida ta layi ɗaya da ke ba da amsar. Ba na so ku haddace ta kawai. Za mu gina ta da hannunmu, layi bayan layi, don wanda ya gina ta ya san inda take aiki da inda ba ta yi. Ku ɗauko takarda da alƙalami da na'urar lissafin da ke cikin wayarku. A nan mun rubuta 1,02 da waƙafi kamar yadda ake yi a lakwal. Wasu wayoyin ɗigo suke nunawa, duk ɗaya ne.

Hukuncin kuɗin ruwa kuwa, wannan na malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma ko wanda ba ya cin bashi da ruwa yana bukatar lissafin nan, domin da shi ake gane ƙarin da aka ɓoye cikin farashin kayan da ake biya kaɗan-kaɗan.

Mai da kuɗin gobe na yau

Bari mu ce ƙarin kashi 2 ne cikin ɗari a wata. A rubuce 0,02 ke nan, kuma za mu kira shi i. Mun zaɓi wannan adadin ne don in aka ninka shi sau goma sha biyu yana ba da kashi 24 a shekara, iyakar da aka sa wa ƙananan asusun bashi a ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, a 2014.

Kuɗin da ya kwana wata guda ana ninka shi da 1,02. To, wane kuɗi ne na yau zai zama 10 000 bayan wata ɗaya? Sai mu yi baya, mu raba 10 000 da 1,02. Amsa 9 804. Biyan wata na biyu ya fi nisa, sai an raba shi sau biyu, ya zama 9 612. Na wata na uku sau uku, 9 423.

Rabawa da 1,02 daidai take da ninkawa da 0,980392. Wannan lambar za mu kira ta v, biyan wata kuma A, darajar duka a yau P. Idan an rubuta v², ana nufin v sau v. Haka v³ na nufin v sau v sau v, Av kuma A sau v.

Layi na ɗaya

Mu fara da wata uku kawai, don mu iya duba kowane mataki da ido.

```
P = Av + Av² + Av³
28 839 = 9 804 + 9 612 + 9 423
```

Ku tsaya ku dubi lambobin nan uku. Ba adadi ɗaya ake ragewa tsakaninsu ba: daga ta farko zuwa ta biyu an rage 192, daga ta biyu zuwa ta uku 189. Abin da bai canza ba shi ne ninkin. Kowace lamba ita ce wadda ta gabace ta an ninka da v. Irin wannan jerin, mai ninki ɗaya daga farko har ƙarshe, yana da hanyar tarawa ta musamman, kuma tsohuwa ce ƙwarai, don Yuklid na Iskandariya ya rubuta ta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wata uku ana iya tarawa da hannu. Wata talatin da shida fa? Shi ya sa muke neman gajeriyar hanya.

Layi na biyu

Mu ninka layin duka da 1,02, wato 1 + i, hagu da dama. Tunda v rabawa ce da 1,02, ninkawar tana cinye v guda daga kowane biya. Av ya koma A, Av² ya koma Av, Av³ ya koma Av².

```
(1 + i)P = A + Av + Av²
29 416 = 10 000 + 9 804 + 9 612
```

Ma'anarsa a aikace ita ce kowane biya ya matso wajen yau da wata ɗaya. Na farko ya zama na yau, shi ya sa ya dawo cikakken 10 000.

Layi na uku

Nan ne zuciyar darasin, kada ku yi sauri. Ku rubuta layi na biyu a sama, na ɗaya a ƙasa. Akwai 9 804 a sama, akwai shi a ƙasa. Akwai 9 612 a sama, akwai shi a ƙasa. In mun ɗebe layin ƙasa daga na sama, waɗannan duk sun kashe juna. Ku ja musu layi da alƙalami. Lambobi biyu ne kawai ba su da abokin tafiya: 10 000 da ke farkon layin sama, da 9 423 da ke ƙarshen layin ƙasa.

A hagu kuma, P ɗaya da ɗan ƙarinsa, an ɗebe P ɗaya, saura ƙarin kaɗai, wato iP.

```
iP = A − Av³
577 = 10 000 − 9 423
```

Da watannin ɗari ne, haka dai za ta kasance. Duk na tsakiya za su kashe juna bibbiyu, a bar na fari da na ƙarshe. Don haka muna iya cire 3 mu sa n, yawan watanni ko nawa ne.

Layi na huɗu

Saura mu raba ɓangarorin biyu da i, mu fitar da A waje tunda yana cikin duka biyun.

```
P = A × (1 − vⁿ) ÷ i
```

Ƙa'idar ke nan. Babu abin da ya shiga cikinta ban da ninkawa ɗaya, ɗebewa ɗaya, da rabawa ɗaya.

Yanzu wani zai raba 577 da 0,02 ya samu 28 850, ya ce ai bai yi daidai da 28 839 ba. Ya yi gaskiya, kuma ga dalili. Ainihin lambar 576,78 ce, mu muka cika ta 577. Rabawa da 0,02 daidai take da ninkawa da 50, don haka ɗan abin da muka ƙara ya kumbura sau hamsin ya zama sefa 11. Kada ku cika lamba sai a matakin ƙarshe. Ku bar wa vⁿ lambobi shida bayan waƙafi.

Ga hanyar tabbatarwa da ba ta bukatar ƙa'ida. Bashin tela 28 839 ne. Wata ya cika ya zama 29 416, ya biya 10 000, saura 19 416. Wata ya sake cika ya zama 19 804, ya biya, saura 9 804. A wata na uku ya zama 10 000, ya biya, bashi ya ƙare ba saura. In lissafinku bai ƙare a sifiri ba, ko kusa da shi da sefa ɗaya ko biyu, akwai kuskure a wani wuri.

Shekara guda, da tambayar da aka juya

Mu koma ga keken, wata goma sha biyu. Ku sa 1 a waya ku raba da 1,02 sau goma sha biyu, za ku samu 0,788493. Ku ɗebe shi daga 1, saura 0,211507. Ku raba da 0,02, ya ba da 10,57535. Ku ninka da 10 000, amsa wajen 105 753. Tela zai fitar da 120 000 gaba ɗaya, amma darajarsu a yau 105 753 ce. In keken nan ana sayar da shi 90 000 kuɗi hannu, to ƙarin da ke cikin cinikin ya wuce kashi 2 a wata nesa ba kusa ba.

Sau da yawa tambayar juyayya ce. Wata baiwar Allah tana son injin markaɗe na 300 000, za ta biya cikin shekara: nawa ne a wata? Maimakon ninkawa, sai ta raba 300 000 da 10,57535. Amsa 28 368.

A nan ne na fi so ku buɗe ido. Wani mai ba da bashi zai ce mata shi ma kashi 2 ne a wata, amma ya lissafa a kan 300 000 ɗin duka har ƙarshen shekara: 6 000 sau goma sha biyu, 72 000, a haɗa a raba, 31 000 a wata. Bambanci 2 632 ne kowane wata. Dalili shi ne yana karɓar ƙari har a kan kuɗin da ta riga ta mayar masa. In aka sa 31 000 cikin ƙa'idarmu, ainihin ƙarin ya kusa kashi 3,5 a wata. Don haka ta tambaya kafin ta sa hannu: "Malam, a kan ragowar bashi ake lissafi, ko a kan uwar kuɗi duka?" Kuɗin takarda da ake cirewa tun farko su ma suna ɗaga ƙarin, domin abin da ya shiga hannunta bai kai 300 000 ba.

Inda ƙa'idar ba ta aiki

Layi na ɗaya ya fara da Av, ma'ana biyan farko sai wata ya cika. In mai shago ya ce a ba da na farko yau, to layi na biyu ne amsarku: ku ninka P da 1,02. Dole kuma biyan ya zama iri ɗaya kowane wata, ƙarin bai canza ba, kuma i ta dace da tazarar biya. Wanda ke biya wata-wata ya sa 0,24 na shekara a madadin 0,02 zai samu amsa ƙarama ƙwarai. In babu ƙari sam, kamar a adashe ko rancen ɗan'uwa, ba a raba lamba da sifiri; sai a ninka A da yawan watanni kawai. Kuma muddin akwai ƙari, P ba ta kai A sau n. Wanda ya samu fiye da 120 000 a lissafin keken, ya ninka ne a inda ya kamata ya raba.

Aikin gida

Wani ɗan kabu-kabu zai riƙa biyan 5 000 ƙarshen kowane wata har wata shida, ƙari kashi 2. Ku rubuta layi na ɗaya da dukan biya shida, ku rubuta na biyu a samansa, ku ja layi kan waɗanda suka kashe juna. Sannan ku yi da ƙa'ida. Ya kamata v⁶ ta ba ku 0,887971, amsar kuma 28 007. A ƙarshe ku bi bashin wata-wata kamar yadda muka yi wa tela, ku kawo takardar aji mai zuwa.